Jagorar Sauya Harshe, Ma'auni da Agogo a Motar Hannu da Aka Shigo da Ita daga Waje

Motar da aka ƙera domin wata kasuwa tana zuwa da harshen kasuwar, da ma'aunanta, da kuma lokacinta. Ta Jamus tana rubuta gargaɗi da Jamusanci, ta Amurka tana ƙirga tafiya da mil tana nuna zafi da Farenhait, ta Japan kuwa agogonta yana manne da lokacin Tokyo ko da an kai ta wata nahiyar dabam. Wasu daga cikin waɗannan abubuwa zaɓi ne da ke cikin allo, wanda mai mota zai iya sauyawa da yatsansa, wasu kuma an gina su ne a cikin na'urar tun daga masana'anta, babu wani maɓallin da zai taɓa su. Aikin farko shi ne a rarrabe tsakanin biyun, domin yawancin wahalar da ake sha tana zuwa ne daga neman zaɓin da babu shi, ko kuma daga neman zaɓin da yake akwai a kan allon da ba shi ke riƙe da shi ba.

## Wace kasuwa aka yi wa motar, kuma wane allo ne ke da iko

Ka fara da lambar jikin mota, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. Motocin da aka yi wa kasuwannin Turai da Amurka suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma na farkon yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: `W` Jamus ce, `J` Japan, `K` Koriya ta Kudu, `1` da `4` da `5` Amurka, `2` Kanada, `3` kuma Meziko. Sai dai ƙasar da aka ƙera mota dabam take da kasuwar da aka yi ta dominta. Motar da lambarta ta fara da `J` tana iya kasancewa an yi ta ne domin Amurka, kuma irin wannan tana da Turanci a allonta tun asali. Wadda aka yi domin amfanin cikin Japan kanta ba ta da lamba mai 17, gajeriyar lamba take da ita mai layi a tsakiya, kuma ita ce mafi wuyar sha'ani. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke nuna yawan iskar taya, ita ma tana taimakawa, domin da harshen kasuwar ake rubuta ta.

Daga nan sai ka dubi allunan motar. Yawancin motoci suna da wurare biyu ko uku da ke nuna rubutu: ƙaramin allon da ke tsakanin maleji da ma'aunin juyawar inji a gaban direba, babban allon rediyo a tsakiyar dashbod, da kuma wurin sarrafa iyakwandishan. A sababbin motoci waɗannan suna magana da juna, idan aka sauya harshe a babban allo sai ƙaramin ya bi. A waɗanda suka girme su kuwa kowanne cin gashin kansa yake yi, shi ya sa mutum zai mayar da rediyo Turanci amma gargaɗin inji ya ci gaba da fitowa da harshen da ba ya ji. Ana sarrafa ƙaramin allon ne da maɓallan sitiyari ko da maɓallin da ke bakin sandar waifa, ba da taɓa allon rediyo ba. Idan kuma wani mai motar na baya ya cire rediyon asali ya sa na kasuwa, to wannan rediyon ba shi da wata alaƙa da sauran allunan, dole a saita kowanne shi kaɗai.

## Shiri kafin a taɓa komai

Ka ajiye motar a fili mai iska, ka sa giya a `P` ko a firi, ka ja birkin hannu, sannan ka tayar da inji. Dalilin tsayawar shi ne motoci da yawa suna ɓoye jerin saituna ko su dusashe shi da zarar sun ji taya tana juyawa. Dalilin tayar da injin kuma shi ne batirin motar da ta daɗe a jirgin ruwa da tashar sauke kaya yakan yi rauni, kuma ba a son wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauya harshe. Kada a yi wannan a rufaffen gareji saboda hayaƙin salansa.

Kafin ka sauya kowane layi, ka ɗauki hoton allon da waya. Idan ka ɓace a cikin jeri, hoton ne zai nuna maka yadda abin yake tun farko. Yana da kyau kuma ka samo littafin jagorar wannan samfurin da wannan shekarar a harshen da kake karantawa, domin jerin saituna yakan zo da tsari iri ɗaya a kowane harshe, ta yadda layi na uku a littafin shi ne layi na uku a allon, ko da ba ka iya karanta abin da ke rubuce ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a nisanta. Na farko shi ne cire kan batir da tunanin cewa motar za ta manta da harshenta. Ba za ta manta ba, domin harshen yana ajiye ne a wurin da ba ya gogewa idan wuta ta ɗauke. Abin da zai faru shi ne agogo ya koma sifili, kuma rediyo yana iya kulle kansa ya nemi lambar sirri. Tsofaffin rediyoyin Volkswagen sukan rubuta `SAFE` su jira lamba mai alƙaluma huɗu, na Honda sukan rubuta `CODE`. Na'urorin taswira na cikin Japan sun fi tsanani, domin da yawansu daga katin taswira ko faifai suke ɗauko tsarin aikinsu idan wuta ta dawo, kuma idan an cire katin kafin a sayar da motar, allon zai tsaya a kan saƙo guda, babu rediyo, wani lokaci har da kyamarar baya.

Na biyu shi ne layin da ke mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta. Da Jamusanci `Werkseinstellungen` ne, da Japananci `初期化`, da Koriyanci `초기화`. Wannan layin yana da amfani guda, wato goge lambobin waya da adireshin mai motar na baya, amma yakan mayar da harshe da ma'auni zuwa na kasuwar asali. Wanda yake son yin amfani da shi ya yi hakan tun da farko, kafin ya fara saita komai, ba bayan ya gama ba.

## Kalmomin da ake nema a allo

Ba a bukatar iya harshen, kalmomi kaɗan ne ake bukatar ganewa da ido. Alamar saituna kusan ko'ina ɗaya ce, ƙaramin ƙarfe mai haƙora ko sifana, alamar harshe kuma sau da yawa hoton duniya ne ko tuta.

A Jamusanci, saituna `Einstellungen` ne, harshe `Sprache`, ma'auni `Einheiten`, lokaci kuma `Uhrzeit` ko `Zeit und Datum`. A Faransanci, wanda ake samu a motocin Faransa da Beljiyam da yankin Kwibek na Kanada, sai a nemi `Réglages` ko `Paramètres`, sannan `Langue`, `Unités` da `Heure`. A Japananci saituna `設定` ne, harshe `言語`, Turanci `英語`, agogo `時計`. A Koriyanci saituna `설정` ne, a cikinsu akwai `일반`, wato saitunan gama-gari, inda ake samun `언어` na harshe. Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne da zarar an buɗe jerin harsuna, yawanci kowane harshe da rubutun kansa yake fitowa, saboda haka za ka ga `English` ko `Français` a fili ko da sauran allon baƙo ne gare ka.

## Misali daga farko zuwa ƙarshe: Golf ta bakwai daga Jamus

A ɗauki Volkswagen Golf ta bakwai, wadda aka fara ƙerawa a 2012, mai na'urar taswira, an kawo ta daga Jamus a watan Yuli zuwa ƙasar da lokacinta yake gaban lokacin duniya na `UTC` da awa ɗaya duk shekara. Allonta yana Jamusanci, agogonta kuma yana nuna ƙarfe 3:20 alhali waya tana nuna 2:20.

Harshe ake fara gyarawa, domin shi zai buɗe sauran. Ka danna maɓallin `MENU` da ke gefen babban allo, ka nemi hoton ƙarfe mai haƙora, wanda aka rubuta wa `Setup` ko `Einstellungen` gwargwadon shekarar na'urar. A cikin jerin da zai fito akwai layin `Sprache/Language`, wanda da gangan aka rubuta shi da harsuna biyu domin mutum irinka. Ka taɓa shi, ka zaɓi harshenka, ka dakata. Allon zai ɗan ɗauki lokaci yana sauyawa, kuma bai kamata a ci gaba da danne-danne ko a kashe inji a wannan tsakanin ba. A wannan motar ƙaramin allon gaban direba yana bin babban, saboda haka ka ɗaga ido ka tabbatar shi ma ya sauya. A Golf ta shida da Passat na zamaninta lamarin ba haka yake ba: a can cikin ƙaramin allon ake shiga `Einstellungen` da maɓallan sitiyari a sauya `Sprache`, sannan a koma rediyo a sauya nasa dabam.

Sai ma'auni. Layin `Einheiten`, wanda yanzu zai koma `Units` idan Turanci ka zaɓa, yana ɗauke da tazara, gudu, zafi, yawan ruwa, shan mai da matsin iska, kowanne a layinsa. Motar Jamus ta riga ta zo da kilomita da digirin Salshiyos, saboda haka biyu ne kawai ke bukatar tunani. Shan mai yana zuwa ne a `l/100 km`, wato lita nawa motar ke sha a tafiyar kilomita ɗari, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Wanda ya saba da tambayar kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa sai ya zaɓi `km/l`, inda babbar lamba ce mai kyau. Motar da ke nuna 8 a na farko za ta nuna 12.5 a na biyu, mota ɗaya ce kuma shan mai ɗaya ne. Matsin iska kuwa ana iya sa shi a `bar` ko `kPa` ko `psi`, kuma shawarata ita ce a zaɓi wanda ya dace da gejin da ake auna tayar da shi, domin a daina lissafi a ka duk lokacin da za a ba taya iska.

Agogo ne ƙarshe, kuma a nan ne ya kamata a fahimci dalili kafin a taɓa lamba. Mintuna daidai suke, awa ɗaya cif ce ta yi yawa, kuma wannan alama ce cewa agogon ba lalacewa ya yi ba. Jamus tana kan `UTC+1` a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ana tura agogo gaba da awa ɗaya. Motar tana bin wannan dokar ne a ƙasar da ba a yin ta. Ka shiga `Zeit und Datum`, wato `Time and date`, za ka ga layin da ke tambayar inda agogo ke samun lokaci, `Zeitquelle`, mai zaɓi biyu: `GPS`, wato lokacin da tauraron ɗan'adam ke aikowa, ko saitin hannu. Ka bar shi a `GPS`, ka duba `Zeitzone` ka tabbatar yana kan shiyyar da ke gaban `UTC` da awa ɗaya, sannan ka cire alamar da ke kan `Sommerzeit`, wato tura agogon gaba da awa ɗaya, har da ta sauyawa da kanta idan na'urar tana da ita. Nan take agogon zai koma 2:20.

Kuskuren da aka fi yi a wannan wurin shi ne a bar `Sommerzeit` mai sauya kansa a kunne, a rage awa ɗaya ta hanyar zaɓar wata shiyyar. Agogon zai yi daidai har ƙarshen Oktoba, sannan wata safiya a tarar ya koma baya da awa ɗaya ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

## Motar Amurka da batun mil

Motocin kasuwar Amurka ba su cika ba da wahala wajen harshe ba, domin yawancinsu suna da Turanci da Faransanci da Sifaniyanci. Matsalarsu ma'auni ce, kuma ita ce ta fi shafar lafiyar mota da ta direba. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Direban da ya ga allura a kan 60 ya ɗauka kilomita ce, a gaskiya yana gudun kilomita 97 ne a awa, idan ta kai 80 kuma ya kusa kilomita 129. A malejin da aka buga lambobinsa da fenti, manyan lambobin waje mil ne, ƙananan na ciki kuma kilomita, kuma babu saitin da zai sauya wannan. Abin da za a iya yi shi ne a koyi karanta ƙananan, ko kuma, idan ƙaramin allon yana iya nuna gudu da lambobi, a sa shi ya riƙa nunawa a `km/h`.

Jimillar tafiyar mota ita ma sai an lura da ita. A sababbin motoci, zaɓar `Metric` ko `km` a cikin `Units` yana juya jimillar zuwa kilomita, sai a ga lambar ta yi tsalle: mil 120,000 zai koma kusan kilomita 193,000. Wannan ba ɓarna ba ce, tafiyar ɗaya ce aka faɗa da wani ma'aunin. A tsofaffin kuwa jimillar tana nan a mil har abada, kuma yawanci akwai ƙaramin rubutu `mi` ko `miles` a gefenta. Muhimmancin sanin wannan yana fitowa ne wajen sabis. Wanda aka ce masa ya juye baƙin mai bayan kilomita 5,000, ya kuma jira malejin mil ya ƙaru da 5,000, ya yi tafiyar fiye da kilomita 8,000 da man da ya kamata ya zubar tuntuni. A irin wannan motar, kilomita 5,000 yana daidai da mil 3,100 ne a maleji. Haka nan wajen saye, motar da aka ce ta yi tafiyar 90,000 dole a tambaya ko mil ne ko kilomita, domin bambancin ya haura kilomita 54,000.

Lissafin da ake bukata idan motar ta ƙi sauyawa gajere ne:

```
km = mi × 1.609
°C = (°F − 32) × 5 ÷ 9
l/100 km = 235 ÷ mpg (US)
l/100 km = 282 ÷ mpg (UK)
1 bar = 100 kPa = 14.5 psi
```

`mpg` yana nufin mil nawa galan ɗaya ke kaiwa, kuma layuka biyu na shan mai suna nan ne saboda galan iri biyu ne. Na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya kuma lita 4.546, don haka `30 mpg` a motar Amurka yana nufin kusan lita 7.8 a kilomita ɗari, amma a motar Birtaniya yana nufin kusan lita 9.4. Idan allon ya ba da zaɓin `mpg` guda biyu, wannan ne dalili. Game da zafi, ya isa a riƙe cewa 68 a Farenhait 20 ne a Salshiyos, 72 kuma kusan 22, shi ya sa iyakwandishan motar Amurka yake nuna lambobin da suka haura sittin ba tare da wata matsala ba. A wasu motocin wurin iyakwandishan ba ya bin saitin allo, sai an danna wasu maɓallansa biyu tare na ɗan lokaci, kuma waɗannan maɓallan sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka littafin motar ne zai faɗa. Iskar taya kuma, `32 psi` shi ne `2.2 bar` ko `220 kPa`.

Akwai kuma tsarin kwanan wata. Amurka tana fara rubuta wata kafin rana, ta yadda `03/04` yake nufin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. Idan akwai layin `Date format` sai a juya shi, idan babu sai a tuna da hakan wajen shigar da kwanan wata da hannu.

## Yadda ake gane ciwon agogo daga irin kuskurensa

Agogon mota yana samun lokaci ne ta ɗayan hanyoyi uku: saitin hannu, tauraron ɗan'adam na `GPS`, ko siginar da wasu tashoshin rediyo ke aikowa tare da shirye-shiryensu, wadda ake gani a allo da sunan `RDS` ko `CT`. Tauraron ba ya aiko da lokacin wata ƙasa, lokacin duniya guda ɗaya yake bayarwa, motar ce ke ƙara ko rage awanni gwargwadon shiyyar da aka gaya mata. Wanda ya fahimci wannan zai iya karanta matsalar daga yadda agogon ya kauce.

Idan mintuna daidai ne amma awanni sun kauce da cikakkiyar lamba, shiyya ce. A ƙasar da ke kan `UTC+1`, motar Japan ko Koriya za ta yi gaba da awa takwas, domin dukansu suna kan `UTC+9` kuma ba sa sauya agogo da damina ko rani. Motar gabashin Amurka za ta yi baya da awa shida a lokacin sanyi, da awa biyar daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadi ta farko ta Nuwamba. Na'urorin Amurka sau da yawa shiyyoyin nahiyarsu kaɗai suke lissafawa, irin su `Eastern` da `Central` da `Pacific`. A wasu na'urorin Toyota akwai zaɓin `Other` a ƙarshen jerin, wanda ke barin a ƙara awanni da alamar `+`. Inda babu shi, sai a kashe daidaitawa ta `GPS` tare da `Daylight Saving Time`, wato `Sommerzeit` na Amurka, a saita agogon da hannu.

Idan ka saita agogo da hannu, ya zauna na ɗan lokaci, sannan ya koma inda yake, to akwai abin da ke sake rubuta shi, ko dai `GPS` ko `RDS`, kuma sai an kashe wannan kafin saitin hannu ya tsaya. Tashar rediyon da ba ta daidaita nata agogon ba tana iya jefa wa motar lokacin da ba shi ba ne, kuma alamar hakan ita ce agogo ya yi tsalle bayan an kama wata tasha takamaimai.

Idan kuwa agogon yana komawa `12:00` ko `1:00` ko `0:00` duk lokacin da aka tayar da mota, maganar ta bar saiti ta koma wuta. Agogo yana bukatar ƙaramar wuta ko da mota a kashe take, kuma rashinta yana zuwa ne daga fis da ya ƙone ko aka cire, ko kan batir da bai ɗauru ba, ko batirin da ƙarfinsa ke faɗuwa sosai lokacin da sitata ke juyawa, ko kuma rediyon kasuwa da aka haɗa wayoyinsa ba daidai ba. Wannan aikin mai wayarin mota ne. Wani ƙaramin kuskuren kuma shi ne kwanan wata ya riƙa sauyawa da tsakar rana maimakon tsakar dare, wanda ke nuna an musanya `AM` da `PM`. Zaɓar tsarin awa 24 yana kawar da wannan ruɗanin gaba ɗaya.

Tsofaffin motoci masu agogo na kansa sun fi kowa sauƙi: maɓallin `H` na awa ne, `M` na minti. Wasu motocin Toyota suna da na uku mai alamar `:00`, wanda ke mayar da agogo zuwa cikakkiyar awa mafi kusa, ta yadda 1:20 zai koma 1:00, 1:40 kuma ya koma 2:00. Ana danna shi ne daidai lokacin da awa ta cika a waya.

Akwai kuma kuskuren da ba laifin mai mota ba ne. Tsohon tsarin `GPS` yana ƙirga makonni ne har zuwa 1,024, kusan shekara 19 da rabi, sannan ya koma sifili. A watan Janairun 2022 tsofaffin motocin Honda da Acura masu na'urar taswira da dama sun wayi gari suna nuna shekarar 2002 saboda irin wannan matsalar ƙirga. Idan tsohuwar na'ura tana nuna shekarar da ta yi baya da kusan shekara ashirin kuma ta ƙi gyaruwa, ba wani saiti ka ɓata ba.

## Inda maɓalli ba ya kaiwa

Motocin cikin Japan su ne iyakar wannan jagorar. Da yawa daga cikin na'urorin taswirar da aka sayar a can ba su da wani harshe sai Japananci, kuma ba su da zaɓin shiyya, tunda ƙasar duka shiyya ɗaya ce. Ka shiga `設定` ka nemi `言語` ko kalmar `Language`, ka kuma duba saitunan ƙaramin allon gaban direba, domin a wasu sababbin motocin shi yana da Turanci ko da rediyon ba shi da shi. Idan ka bi jerin duka ba ka gani ba, to babu, kuma ci gaba da danne-danne zai ƙara haɗarin faɗawa kan `初期化` ne kawai. Game da agogon da ya kafe a lokacin Japan, na'urori da yawa suna da layin `時計表示` wanda ke ɓoye agogon daga allo, kuma ɓoye shi ya fi barin lokacin ƙarya a gaban direba.

Rediyon waɗannan motocin yana da nasa cikas. Zangon `FM` na Japan ya fara ne daga 76 ya tsaya a 90, sababbin na'urori kuma a 95, alhali yawancin duniya tana amfani da 87.5 zuwa 108, saboda haka tashoshi da yawa ba za su kamu ba. Idan aka haɗa wannan da taswirar da ba ta san kowace hanya a wajen Japan ba, sau da yawa canza na'urar gaba ɗaya ya fi ma'ana. Kafin a cire ta dai, a bincika ko iyakwandishan ko kyamarar baya ko wasu saitunan motar ta cikinta ake sarrafa su, domin idan haka ne cire ta zai tafi da su.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta kwamfuta. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16, `OBD-II`, inda ƙwararre ke haɗa na'ura ya sauya lambar kasuwar da aka rubuta wa allon, abin da kan buɗe harsuna ko ma'aunan da aka ɓoye a wasu motocin Turai. Wanda zai ba da motarsa a yi wannan aikin ya nemi a ajiye masa lambobin asali a rubuce kafin a sauya komai, ya ɗauki hoton jimillar tafiya kafin aiki da bayansa, kuma a haɗa caja da batirin idan za a ɗora sabuwar manhaja, domin yankewar wuta a tsakiyar ɗorawa tana iya kashe na'urar baki ɗaya.

Bayan an gama kowane irin saiti, a kashe inji, a fita, a kulle motar, a bar ta na wasu mintuna har na'urorinta su kwanta, sannan a sake tayarwa a duba allunan duka. Idan motar tana da makulli biyu a gwada da na biyun ma, domin wasu motocin, irin su BMW, suna ɗaure saituna da makullin da aka buɗe su da shi. Idan harshen asali ya dawo da makulli na biyu, sai a maimaita matakan harshe da ma'auni da wannan makullin a hannu.